Uku Cikin Huɗu: Darasin Da Burodin Karin Kumallo Zai Koya Wa Ɗanki

 

An taɓa kawo miki littafin lissafi da daddare kina tsakiyar kwashe tuwo, aka ce, "Umma, ki nuna min wannan," kika leƙa kika ga lamba a sama, lamba a ƙasa, ga ɗan layi a tsakani, sai kika ce, "Bari Abbanku ya dawo"? In haka ta taɓa faruwa da ke, to zauna mu tattauna, don ni ma na yi.

'Yata ta fari tana aji uku na firamare lokacin da aka fara koya musu abin da ake kira firakshin a makaranta. Wata ranar Juma'a ta dawo da littafinta duk jan biro. An ba su 1/4 + 2/4, ita kuma ta rubuta 3/8. Ta haɗa na sama da na sama, ta haɗa na ƙasa da na ƙasa, kamar yadda ta saba haɗa kowace lamba tun tana aji ɗaya. Ga shi kuma ranar Litinin za a yi musu gwaji.

Na dawo daga aikin asibiti a gajiye, sai na yi abin da aka yi mini ina yarinya. Na ce mata, "Ba a taɓa na ƙasa, na sama kawai ake haɗawa. Haddace." Ta ce, "Umma, to me ya sa?" Na ce, "Haka dokar take." Ta sake tambaya, na ɗaga mata murya, ta tafi ta kwanta da hawaye. Da na kwanta ni ma, tambayarta ta hana ni barci. Yarinya ta tambayi dalili, ni kuma na ba ta tsawa, saboda ni kaina haddacewa na yi a lokacina, ban taɓa tsayawa na ga dalilin da idona ba.

Washegari da safe burodin karin kumallo ne ya sasanta mu. Abin da muka yi da shi ne nake so in kawo miki yau, daki-daki, yadda ke ma za ki iya gwadawa da yaranki.

Kin riga kin san wannan lissafin

Kafin mu ɗauko wuƙa, ki sani ba baƙon abu ba ne a wurinki. Kin sha sayen rabin mudu na gero. Kin sha cewa tela ya ƙara miki yadi ɗaya da kwata. Kina duba agogo ki ce ƙarfe bakwai saura kwata. A Islamiyya kin ji sulusi da rubu'i da sumuni. Duk waɗannan su ne firakshin ɗin, sai dai a makaranta ana rubuta su da lamba.

Maganar duka guda ɗaya ce. Firakshin ƙirga ne, irin ƙirgan da yaro ya iya tun yana ƙarami. Bambancin kawai shi ne abin da ake ƙirgawa. Da can yana ƙirga lemo guda-guda, ko awaki, ko cokula. Yanzu kuma zai ƙirga yanki-yanki na abu ɗaya da aka raba daidai wa daida.

Idan kika ce "awaki uku", kalmomi biyu kika faɗa, kowace da aikinta. "Awaki" ta gaya mana irin abin, "uku" ta gaya mana yawansa. Haka 3/4 take. Huɗun da ke ƙasa suna ne: tana gaya mana cewa an raba abu gida huɗu, don haka kowane yanki sunansa kwata. Ukun da ke sama ita ce ƙirgan: kwata nawa muka ɗauka? Uku. Saboda haka 3/4 na nufin "kwata uku", kamar yadda za ki ce awaki uku.

Yaron da ya kama wannan ya kama kan zaren. Amma da baki kaɗai ba ya shiga, sai ya gani ya taɓa.

Mataki na farko: a raba daidai

Ki samo burodi guda wanda ba a yanka ba, mai tsawo irin na mai shayi. Ki ajiye shi a faranti ki tambayi yaron, "Burodi nawa ne wannan?" Zai ce ɗaya. Kada ki tsallake wannan tambayar ko da ta yi kama da wasa, domin wannan ɗayan shi ne abin da za a riƙa auna kowane yanki da shi har ƙarshen darasi.

Daga nan ki yi ganganci da sani. Ki ɗora wuƙa can kusa da baki, nesa da tsakiya, ki ce, "Zan yanka a nan, kai ka ɗauki ƙaramin, ƙanenka ya ɗauki babban, kowa ya samu rabi." Ki ga yadda zai yi tsalle. 'Yata cewa ta yi, "Umma, wallahi wannan ba rabi ba ne, cuta ce!" Na ce, "Ba gida biyu zan raba ba?" Ta ce, "Gida biyu ne, amma ai ba daidai ba ne."

Da bakinta ta faɗi sharaɗin farko. Raba abu gida biyu bai isa ya sa a kira yankin rabi ba, sai idan biyun girmansu ɗaya. Haka ma gida huɗu ba ya zama kwata sai huɗun sun yi daidai. Yara sun fi kowa sanin adalci a wurin rabo, don haka wannan sharaɗin ba sai kin sha wahalar koyar da shi ba. Ki bar shi ya fito daga bakinsu.

Yanzu ki yanka a tsakiya sosai. Ki jera biyun gefe da gefe yaro ya tabbatar tsawonsu ɗaya. Sai ki sake raba kowane rabi a tsakiyarsa. Kin samu yanki huɗu. Idan idonki ba ya auna tsakiya da kyau, ki yagi takarda mai tsawon burodin, ki ninka ta biyu, ki sake ninkawa. In kin buɗe za ki ga layi uku, a kansu za ki yanka. Ki nuna wa yaron wannan: yanka uku ne ke ba da gida huɗu. Yara da yawa idan aka ce su raba zane gida huɗu a littafi sai su ja layi huɗu, su tashi da gida biyar.

Akwai wani abu da yaro mai lura zai ɗago miki. Yankin baki-baki yakan ɗan fi na tsakiya ƙanƙanta, saboda burodi yana ɗan tsukewa a ƙarshensa. In ya faɗa, ki yaba masa, gaskiya ya gani. Maganinsa shi ne ki canja salon yankan: sau ɗaya a tsakiya, sau ɗaya kuma bisa tsawonsa, yadda yankan biyu za su gitta juna. Ta haka kowane yanki zai samu baki ɗaya, huɗun su fito iri ɗaya. Wannan ma darasi ne a kansa, domin yaro zai ga cewa kwata na iya fitowa gajere mai kauri ko dogo siriri. Siffa ba ta dame mu ba, in dai huɗun sun yi daidai kuma in an haɗa su suna mayar da burodin cikakke.

Mataki na biyu: a ƙirga da suna

Ki ɗaga yanki ɗaya ki ce, "Mun raba burodi gida huɗu daidai. Wannan guda ɗaya sunansa kwata." Sai ku fara ƙirgawa tare, kina tura su gabansa ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya fi komai muhimmanci a nan shi ne kada ku ce "ɗaya, biyu, uku" kurum. Ku riƙa kiran sunan kowane lokaci: kwata ɗaya, kwata biyu, kwata uku, kwata huɗu.

A kan kwata biyu ki tsaya. Ki haɗa su ki tambaye shi me ya gani. Zai ce rabi ne. A kan kwata huɗu ma ki tsaya, ki matse su wuri ɗaya, ya ga burodin ya dawo yadda yake. Ya gano da kansa ke nan cewa kwata biyu rabi ne, kwata huɗu kuma burodi ɗaya ne cif.

Sai ki janye yanki ɗaya ki miƙa wa ƙanensa ya ci. Ki tambaya, "Kwata nawa suka rage a faranti?" Zai ƙirga ya ce uku. Ki ce, "To wannan shi ne kwata uku, shi ne kashi uku cikin huɗu."

Sai yanzu ne za ki ɗauko biro. Kuma ki fara rubutun daga ƙasa. Ki tambaya, "Gida nawa muka raba burodin?" Ya ce huɗu, ki rubuta 4. Ki ja layi a kanta. "Nawa ne a faranti?" Ya ce uku, ki rubuta 3 a sama. Ga 3/4 ta fito, kuma ya san daga inda kowace lamba ta zo. Na fi son a fara da ƙasa saboda haka aikin yake tafiya a zahiri: sai an raba ake ɗauka.

In kina da wani burodin irin na farko, girmansu ɗaya, ki raba shi gida huɗu shi ma, ku ci gaba da ƙirgan: kwata biyar, kwata shida. Idan ƙanen ya riga ya cinye nasa, ki cike gurbin da yanki ɗaya daga sabon. Kwata biyar burodi ɗaya ne da kwata, ana rubuta shi 5/4. Yara da yawa suna firgita idan suka ga lambar sama ta fi ta ƙasa, su ɗauka kuskure ne. Wanda ya ƙirga da hannunsa ya san cewa ƙirga ba ya tsayawa don burodi ɗaya ya ƙare.

Komawa kan jan biro

A nan ne na buɗe littafin 'yata na ajiye kusa da faranti. Na ce, "Sa kwata ɗaya a hannun dama." Ta sa. "Sa kwata biyu a hagu." Ta sa. "Haɗa su. Me kika samu?" Ta ce, "Kwata uku." Na ce, "To ina takwas ɗin da kika rubuta?" Ta kalli faranti, ta kalli littafi, ta yi shiru, can sai ta fashe da dariya ta ce, "Umma, ai ba wanda ya sake yanka burodin!"

Amsar tambayar da ta yi mini daren jiya ke nan. Ba a haɗa lambobin ƙasa domin suna ne, girman yanki suke faɗa. Akuya ɗaya da awaki biyu awaki uku ne, ba sa rikiɗa su zama tumaki don an haɗa su. Takwas ba za ta shigo ba sai idan an sake sa wuƙa an mayar da burodin gida takwas.

Ki kula dai, wannan sauƙin yana aiki ne idan yankunan sunansu ɗaya. Idan aka ce a haɗa rabi da kwata, ba za a ƙirga su kai tsaye ba, sai an fara yanka rabin ya zama kwata biyu, sannan a ce kwata biyu da kwata ɗaya, kwata uku. Wannan shi ne asalin dogon aikin da za a koya masa nan gaba na daidaita lambobin ƙasa. In ya gan shi a faranti tun yanzu, ba zai zame masa dodo ba.

Kurakurai uku da yadda za ki gane su

Yaro na iya rubuta 3/4 daidai a ƙarƙashin zane alhali bai fahimta ba, ya dai lura da inda ake sa kowace lamba. Ga tambayoyi uku da za su nuna miki gaskiyar inda yake.

Ta farko, ki tambaye shi, "Wanne ka fi so a ba ka, 1/4 na burodi ko 1/8?" Idan ya ce 1/8 saboda takwas ta fi huɗu, to har yanzu yana kallon lambar ƙasa a matsayin yawa. Kada ki ce masa ya yi kuskure. Ki ɗauki kwata ɗaya ki raba shi biyu a gabansa, ki nuna masa cewa in aka yi wa duka huɗun haka za a samu gida takwas. Ki ajiye ƙaramin kusa da babban ya zaɓa. Iya yawan masu rabo, iya ƙanƙantar rabon kowa.

Mu mata mun san wannan ta wata hanya. A rabon gado, matar da mijinta ya rasu bai bar ɗa ko 'ya ba tana da rubu'i, wato 1/4. Idan ya bar 'ya'ya tana da sumuni, wato 1/8, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i. A ce abin da za a raba bayan an fitar da bashi da wasiyya naira 800,000 ne. Rubu'i 200,000 ke nan, sumuni kuma 100,000. Sumuni rabin rubu'i ne, duk da takwas ta fi huɗu a ƙirga.

Ta biyu, ki ajiye kwata uku a faranti bayan an cinye ɗaya, ki ce, "Rubuta min abin da aka ci." Wani yaron zai rubuta 1/3, domin ya ga ɗaya ya tafi uku sun rage, sai ya gwada wanda aka ci da waɗanda suka saura. Wannan kuskuren yana da yawa kuma yana ɓuya. Maganinsa shi ne ki mayar da shi farko: "Gida nawa muka raba burodin tun kafin kowa ya ci?" Huɗu. Lambar ƙasa tana ƙirga dukkan gidajen, har da wanda ke cikin ƙanensa. Abin da aka ci 1/4 ne, abin da ya rage 3/4, in an haɗa su a samu burodin duka.

Ta uku, ki kawo ƙaramin burodi da babba, ki tambaya, "Rabin wannan da rabin wancan ɗaya ne?" Idan ya ce ɗaya ne tunda duka rabi ne, ya manta da tambayar farko da kika yi masa a kan burodi guda. Rabi ko kwata ba su da girma nasu na kansu, sai an ce na mene ne. Kwatan babban burodi na iya fin rabin ƙarami. Ki koya masa duk lokacin da ya ji an ce kwata uku, ya tambaya, "Kwata uku na me?"

Burodi uku, yara huɗu

Idan ya ƙware a waɗannan, ga wani wasa da za ki ajiye zuwa wata ranar, kada ki haɗa duka a zama ɗaya. Ƙananan burodi uku ne a gida masu girma ɗaya, yara kuma huɗu. Ya za a yi kowa ya samu daidai ba tare da an bar saura ba? Ki ba su wuƙar roba ko ki riƙe wuƙar da kanki, ki bar su su yi shawara.

Hanya ɗaya ita ce a raba kowane burodi gida huɗu. Kowane yaro ya ɗauki kwata daga na farko, kwata daga na biyu, kwata daga na uku. Kowa ya tashi da kwata uku. Duka yankunan 12 ne, an raba wa mutum huɗu, kowa uku.

Hanya ta biyu, wadda uwa ta fi yi a gida don rage yanke-yanke, ita ce a raba burodi biyu rabi-rabi, kowa ya samu rabi ɗaya. Na ukun a raba shi gida huɗu, kowa ya ƙara da kwata. Kowa yana da rabi da kwata. Ki sa su jera rabon hanya ta farko kusa da na hanya ta biyu, za su ga tsawonsu ɗaya. Rabi da kwata shi ne dai kwata uku.

Abin da wannan wasan ke nunawa shi ne 3/4 tana da fuska ta biyu: ita ce amsar uku a raba wa huɗu. Ɗan layin nan na tsakiya alamar rabo ce. Yaron da aka taɓa gaya wa cewa ba a raba ƙaramar lamba da babba zai ga ana rabawa sarai, kowa dai ba ya samun guda cikakke.

Kuma wannan wasan ya girmi kakannin kakanninmu. Akwai wata tsohuwar takardar lissafi daga Masar wadda wani marubuci mai suna Ahmes ya kwafa wajen shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), yanzu tana ajiye a gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan. Cikin tambayoyin farko da ke cikinta akwai yadda za a raba burodi tsakanin mutum goma. Masu lissafin Masar na wancan zamani sun saba rubuta rabo ne irin hanyarmu ta biyu, babban yanki tukuna sannan a ƙara ƙarami. Ashe tun can da burodi ake koyon wannan lissafin.

Daga faranti zuwa sauran rayuwa

Don ki tabbatar abin ya zauna, ki fitar da shi daga kan burodin da kuka yanka. Ƙa'idar ba ta canjawa: a raba gida huɗu daidai, a ga nawa ke cikin gida ɗaya, a ɗauki gida uku.

A ce kin sayi yankakken burodi na leda kin ƙirga yanka 12. Ki sa yaro ya kasa su kashi huɗu daidai. Kowane kashi yanka uku ne, wannan shi ne kwata. Kashi uku kuma yanka tara. Saboda haka 3/4 na 12 tara ne. A ce kuma kuɗin burodin naira 1,200 ne. Kwatansa 300, kwata uku 900. Ku koma kan agogo: awa ɗaya minti 60 ne, kwata minti 15, kwata uku minti 45. Shi ya sa idan dogon hannu ya kai kan tara muke cewa saura kwata, kwata uku sun wuce ɗaya ya rage. Idan yaro ya iya waɗannan ukun ba tare da kin nuna masa inda zai fara ba, ya fahimta.

A wurin aikina kuwa kusan kullum ina ganin inda rabo daidai ke shafar lafiya. Ɗauki ƙwayar zinki da ake ba yara masu gudawa tare da ruwan gishiri da sukari. Ƙwaya ɗaya miligiram 20 ce. Yaro mai wata shida zuwa sama ana ba shi guda a rana, jaririn da bai kai wata shida ba kuma rabi, wato miligiram 10. Idan uwa ta ɓalle ƙwayar ta fito babba da ƙarami, to yau ta ba da fiye da kima, gobe ƙasa da kima. Shi ya sa ake yi wa irin waɗannan ƙwayoyin tsagi a tsakiya, don a karya a kansa. Nan ma tambayar "rabin me?" tana da nauyi, domin magani ɗaya na iya zuwa da ƙarfi iri biyu, rabin mai ƙarfi kuma ba ɗaya yake da rabin mai sauƙi ba. Kuma ba kowace ƙwaya ake karyawa ba. Kafso da ƙwayoyin da ba su da tsagi, kada ki raba su sai kin tambayi wanda ya rubuta miki ko mai ba da maganin.

Yadda za ki tsara shi a gida

Minti goma a lokacin karin kumallo sun isa, burodin ma dama ci za a yi, ba a yi asarar komai ba. Rana ta farko ku tsaya kan rabo daidai da ƙirga kwata, ba biro ba littafi. Rana ta biyu ku sake, ku ƙara da rubutu. Tambayoyin nan uku ki riƙa jefa su ɗaya-ɗaya a ranaku daban. In babu burodi, rake ko takarda da aka ninka za su yi aikin, in dai abu ne da za a iya raba shi daidai a kuma mayar da shi a haɗe. Wuƙa ta zauna a hannunki, ƙirga da jerawa su zama na yaro. In ya yi kuskure, ki danne zuciyarki kada ki faɗa masa amsa, ki ce kawai, "Nuna min a faranti."

Ranar Litinin ɗin 'yata ta dawo daga gwaji da kuskure ɗaya. An tambaye su wanne ya fi girma tsakanin 1/3 da 1/4, ta zaɓi 1/4, domin a zaman namu ban kai ga yi mata waccan tambayar ta farko ba. Da na nuna mata wurin, ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ce in gaya mata doka ba. Cewa ta yi, "Umma, gobe ki sayo burodi biyu, mu raba ɗaya gida uku ɗaya gida huɗu mu gani." Na sayo, muka raba, ta gani.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba su ilimi mai amfani, ya ba mu haƙurin zama da tambayoyinsu. Sai mun sake haɗuwa.